Takardar da malamar asibitin unguwarmu ta rubuta wa ɗana

Ɗana mai shekara huɗu ya haura mako uku yana tari, zazzaɓi na zuwa da yamma, wandonsa ya fara zame masa daga ƙugu. Maganin kemis bai yi komai ba. A asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu, malamar lafiya ba ta ƙara masa wani magani ba, sai ta ba mu takarda zuwa babban asibiti. A kan wannan takarda nake sharhi, domin na ga inda ta yi aiki, na kuma ga inda ta gaza.

Kafin ta rubuta komai sai da ta ɗora shi a sikeli, ta gwada da abin da ke katinsa na baya: daga kilo 14 ya sauko 12.5. Ta zagaya damtsensa da tef ɗin awo ya tsaya a ruwan ɗorawa, alamar ya rame, ta shafa wuyansa ko akwai kaluluwa, ta duba tabon allurar BCG ta rigakafin tarin fuka a kafaɗarsa. Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba. Sannan ta ce, "Baban yaro, a gidanku akwai babba mai tari?" Akwai. Ƙanena ya daɗe yana tari, kuma a ɗakinsa yaron ke wuni. Duk wannan ta sa a takardar, har da ranar da tarin ya fara da sunan maganin ƙwayoyin cuta da ya sha bai ji sauƙi ba. A ƙasa ta rubuta cewa tana zargin tarin fuka.

Amfanin waɗannan layuka bai fito ba sai da sakamakon gwaji ya dawo. Ƙaramin yaro ba ya iya kakaro kaki, haɗiye shi yake yi, don haka bahayarsa aka karɓa aka sa a na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tarin fuka. Ba a ga ƙwayar cutar ba. Ni har na fara hamdala, sai likita ya ce in dakata. Ƙwayoyin tarin fuka a jikin yara kaɗan ne, gwaji yakan wuce su. Ya ɗora yatsa a kan takardar ya ce, tari fiye da mako biyu, ga rama da sikeli ya tabbatar, ga maganin da bai yi aiki ba, ga mai tari a gida, waɗannan ba a watsar da su don gwaji ɗaya. Ya tura mu hoton ƙirji, aka yi wa yaron gwajin ƙanjamau kamar yadda ake yi wa duk wanda ake zargi da wannan ciwo, ya kuma ce a kawo ƙanena. A kakin ƙanen nawa aka ga cutar ƙarara. Da baki kawai na je, da na ce "ya ɗan rame", kuma ba na jin zancen ƙanena zai zo mini.

An ɗora yaron a kan magani na wata shida, kyauta, ƙwayoyin da ake narkarwa a ruwa. Da nauyi ake lissafa su: mai kilo 12 zuwa 15 yana shan ƙwaya uku na haɗin maganin, in ya kai 16 a ƙara masa ɗaya, shi ya sa ake sake auna shi in an je karɓar magani. Fitsarinsa ya koma ja-ja, amma an riga an faɗa mana aikin maganin ne. Ƙanwarsa ’yar shekara biyu ba ta da alamar ciwo, aka ba ta na kariya.

Inda takardar ta gaza, an rubuta ta ne don likita, an manta da wanda zai ɗauke ta. Turanci ne da gajerun haruffa, matata ba ta gane ko layi ɗaya ba. An sa sunan asibiti, ba a sa sashen da za mu nufa ba, muka ɓata safiya a layin yankar kati alhali masu tarin fuka ɗakinsu daban. Ba a kuma gaya mini cewa gwaji da magani ne kyauta, hoton ƙirji kuwa sai na biya, na tafi aljihu ba shiri. Layi biyu da Hausa a bayan takardar sun isa su magance wannan. Daga baya na ji akwai lambar kira ta kyauta, 3340, ta shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa, wadda za a iya tambayar cibiya mafi kusa.

Akwai kuma ɓangaren ƙasan takardar da ya kamata babban asibiti ya cike a mayar wa malamar, don ta san abin da aka gano. Babu wanda ya taɓa shi sai da na roƙa. Wannan ba laifinta ba ne, kuma da na kai mata, a ranar ta rubuta sunayen sauran mutanen gidan da za a duba.