Sharhi kan maganin fesawa na saurin inzali, bayan wata biyu ana gwada shi da dabarar dakatawa

Duk kemis ɗin da ka shiga a Agege ko Idi-Araba ka ce kana fama da saurin kawowa, da wuya ka fito ba a miƙo maka ƙaramar kwalbar fesawa ba. Na yi wata biyu ina amfani da irin wadda aka rubuta Lidocaine a jikinta, tare da dabarar dakatawa da ta matsewa. Hukuncina shi ne kwalbar tana aiki, amma aron lokaci take ba ka. Ranar da ba ka fesa ba, kana nan inda kake.

Aikinta rage jin kan azzakari ne. Fara da fesawa ɗaya ko biyu a kan kaciya, musamman ta ƙasa inda jin ya fi ƙarfi, ka jira minti 10, sannan ka goge da tsumma mai ɗan ruwa. Gogewar nan ita ce mutane suke tsallakewa, sai maganin ya shafi uwargida ita ma ta daina jin komai, wata har da raɗaɗi. Kwaroron roba yana hana hakan. Kuskure na biyu cika fesawa: in ka yi biyar ko shida, gaban zai yi sanyi kamar ba naka ba, ƙarfin ma ya tafi. Kada ka fesa a kan rauni, kuma ka duba lambar NAFDAC kafin ka biya.

Dabarar dakatawa ita ce ta fi burge ni, duk da ta fi wahala. Wani likitan mafitsara, James Semans, ya bayyana ta a 1956. Ka auna sha'awarka daga 1 zuwa 10, inda 9 ita ce gaɓar da ba a dawowa. Da ka kai 7 sai a tsaya cak, a daina duk wani motsi, ka ja numfashi a hankali, ka saki tsokar cinya da ta ɗuwawu. Bayan kamar daƙiƙa 30 abin ya sauka, sai a ci gaba. A tsaya sau uku, a na huɗu ka bari ya zo.

Ga mai kawowa cikin minti ɗaya, tsarin zai iya zama haka: sau uku a mako. Mako biyun farko da hannun iyali kawai, ba shiga. Mako biyu na gaba a ƙara man santsi, domin ya fi kama da ainihin abin. Daga nan a shiga, ita a sama, kai a kwance, a fara ba motsi. Wanda bai yi wa matarsa bayani ba tun farko ba zai kai ko'ina ba, don za ta ɗauka tsayawar rashin sha'awarta ne. Kuma yawancin masu cewa dabarar ba ta aiki, a 9 suke tsayawa. Alamar ka makara ita ce ka tsaya amma maniyyi ya zubo ba daɗi.

Matsewa, wadda masu binciken jima'i Masters da Johnson suka kawo a 1970, ƙari ce a kan wannan. A zare, a ɗora babban yatsa a ƙasan kan kaciya, yatsu biyu ta sama, a matse da ƙarfi daidai gwargwado na daƙiƙa 10 zuwa 20. Tana kwantar da abin, amma tana rage ƙarfin gaba kuma tana katse jin daɗi. Ni ban ga dalilin riƙe ta bayan an iya dakatawa ba.

Ƙwaya tana da wurinta, musamman ga wanda tun farkon aurensa bai taɓa wuce minti ɗaya ba kuma ya yi wata biyu yana atisaye ba canji. Likita kan rubuta Dapoxetine mai 30mg, a sha awa 1 zuwa 3 kafin kwanciya da cikakken kofin ruwa, ba fiye da sau ɗaya a awa 24 ba. Takan jawo tashin zuciya da jiri, wani har ya suma in ya miƙe da sauri, shi ya sa ba ta dace da mai ciwon zuciya ko mai shan maganin damuwa ba. Tiramol kuwa, da samari suke sha don wannan, tana jinkirtawa, amma tana kama mutum, tana kawo farfaɗiya, kuma haɗa ta da Dapoxetine haɗari ne babba.

In da lafiyarka ƙalau sai kwatsam abin ya sauya, ajiye kwalbar ka je sashen mafitsara na asibitin koyarwa na LUTH ko LASUTH a Legas. Sau da yawa raunin gaba ne yake sa mutum gaggawa kafin ya kwanta, ko kumburin furostet, ko maƙoƙo mai aiki fiye da kima. Ga mai raunin gaba, fesawa ƙara masa matsala take yi.