Sharhi: matse bidiyon biki da katin GTX 1660

Ga mai situdiyon ɗaukar biki a Gombe, babban amfanin GTX 1660, katin hoton kwamfuta na kamfanin NVIDIA, ba a wasan gem yake ba. A cikin katin akwai wani ɓangare na musamman, NVENC, wanda aikinsa matse bidiyo kawai. Idan ka zaɓi H.264 (NVEnc) a HandBrake, manhajar matse bidiyo, maimakon H.264 (x264) da ke aiki da furosesa, bidiyon awa guda na 1080p da kan riƙe tsohuwar Core i5 kusan awa ɗaya ko fiye yakan fito cikin 'yan mintuna. Wanda ke aiki da janareto ya san abin da wannan ke nufi a kuɗin fetur.

Sai dai saurin ba kyauta ba ne. x264 yakan tsaya ya auna kowane hoto da waɗanda ke gaba da bayansa kafin ya raba data, shi kuwa NVENC dubawarsa gajera ce. Don haka idan girman fayil ɗaya ne, x264 a kan matakin slow ya fi fitar da aiki tsaf. A hoton rana ba za ka gane bambanci ba. Matsalar tana wajen dina. Tsayar da bidiyon daidai lokacin liƙi, ka zuƙo hoton: zanen leshin amarya ya narke ya zama shafaffe, aikin wuyan babbar rigar ango ya dushe, bangon da ke cikin duhu kuma ya rabu layi-layi maimakon launin ya gangara sumul. Kuɗin da ke tashi sama da fitilu masu walƙiya sun cinye datar, sauran hoton ya samu ragowa.

Maganinsa shi ne ka daina yi masa rowar data. A 4 Mbps dinar dare takan lalace, a 8 Mbps sai mai ƙwaƙƙwafi zai ga aibu. Lissafin kuma ya yi daidai: 8 Mbps na awa guda 3.6 GB ne, da sauti kusan 3.7 GB, wato zai shiga filashin FAT32 da ba ya karɓar fayil sama da 4 GB. Ga umarnin da zai yi wannan a manhajar ffmpeg:

```
ffmpeg -i biki.mp4 -c:v h264_nvenc -preset p7 -rc vbr -b:v 8M -maxrate 12M -spatial-aq 1 -c:a aac -b:a 192k fita.mp4
```

`p7` ne mafi inganci a matakan NVENC, `-spatial-aq` kuma yana karkatar da data zuwa wurare masu santsi irin bangon nan.

Idan ka kunna Denoise a HandBrake ka ga saurin ya faɗi, ba laifin katin ba ne, furosesa ce ke yin wannan tacewar. A kuma kula wajen saye: GT 1030 ba shi da NVENC sam, GTX 1650 na farko kuma tsohon samfurin NVENC ne a cikinsa.

Kwafin da za a ba dangi, na katin ya wadatar. Wanda za ka adana, ko wanda dole ya zama ƙarami sosai, bar wa x264 ya kwana yana yi.