Imoji a Kan Saƙon Imel: Abin da Na Gani a Shagon Littattafai

Hukuncina a kan sa imoji a kan saƙon imel shi ne: ba ya jefa saƙo cikin Spam shi kaɗai, kuma ba ya jawo buɗewa yadda masu talla ke zuzuta shi. Ina sayar da littattafai da kayan rubutu a Samaru, kuma yawancin masu sayena malaman jami'a ne, da ɗaliban digiri na biyu da na uku, da wasu likitoci daga wajen Shika. Su ne mutanen da har yanzu suke duba imel da safe, sauran jama'a WhatsApp ya gama da su. Duk sanda kaya suka iso ina tura musu sanarwa ta wata manhajar aika saƙo ga mutane da yawa, kuma na daɗe ina jarraba imoji a kan saƙon, wato layin nan da ake gani kafin a buɗe.

Manhajar tana da tsarin gwaji. Za ka rubuta kan saƙo iri biyu, ita kuma ta raba mutanenka gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kowane rabi ya samu iri ɗaya. Na sha tura "Sababbin littattafan shari'a sun iso" ga rabi, da "Sababbin littattafan shari'a sun iso 📚" ga ɗaya rabin. Wani mako mai imoji ya yi gaba, wani mako marar imoji ya wuce shi, kuma duk lokacin manhajar sai ta ɗaga hannun wanda ya fi, ta ce shi ya ci. A nan ne mai ƙaramin jerin mutane yake yaudarar kansa.

Mu ɗauka kana da mutum 1,000, ka raba su 500 da 500. A rabin da ba imoji mutum 150 suka buɗe, kashi 30 cikin ɗari ke nan. A rabin mai imoji mutum 160, kashi 32. Ido zai ce imoji ya ƙaro maka mutum goma. To amma da ka tura wa rabin biyun kan saƙo iri ɗaya sak, da wuya su fito daidai, domin wani yana kan hanyar Kaduna, wani datarsa ta ƙare, wani yana cikin jarrabawa. Idan aka yi lissafin da masu ƙididdiga ke yi, a rukuni biyu masu mutum 500 da buɗewa wajen kashi 30, sai tazarar ta kai kusan mutum talatin kafin ka ce ba sa'a ba ce. Mutum goma ba hujja ba ne. Ni ban taɓa ganin imoji ya ba ni tazara mai girman haka wadda ta sake maimaituwa a mako na gaba ba.

Kuma ita kanta lambar buɗewar sai an yi mata kallon tsanaki. Manhaja ba ta ganin idon mutum. Abin da take yi shi ne ta ɓoye wani ɗan hoto mai girman ɗigo ɗaya a cikin saƙon, idan wayar mai karɓa ta jawo hoton sai a rubuta an buɗe. Wanda ya kashe sauke hotuna don tattalin data, kuma muna da su da yawa a nan, zai karanta saƙonka har ƙarshe amma ba za a ƙirga shi ba. A ɗaya ɓangaren, tun watan Satumba na 2021 da Apple ta fito da iOS 15, manhajar Mail ta iPhone tana iya jawo hotunan da kanta ko mai wayar bai taɓa saƙon ba, don kare sirrinsa. Wannan kuma za a ƙirga shi alhali bai karanta komai ba. Shi ya sa na koma duba mutum nawa suka latsa mahaɗar da ke cikin saƙon, da mutum nawa suka kira waya suka ce a ajiye musu kwafi. A wannan ma'aunin imoji bai motsa mini komai ba. Sunan littafin da farashinsa su ne suke motsa mutane.

Sai batun Spam, wanda shi ne tsoron kowa. Akwai lokacin da saƙonnina suka riƙa faɗawa can, wani abokin sana'a ya ce mini, "Malam, ai waɗannan 'yan zane-zanen naka ne." Na cire su, saƙon bai fasa faɗawa ba. Sai na tura wa kaina kwafi a Gmail ta kwamfuta, na latsa ɗigo ukun nan na zaɓi Show original. A saman shafin akwai layuka uku, SPF da DKIM da DMARC, kowanne da PASS ko FAIL a gabansa. Su ne shaidar cewa saƙon daga adireshin da ya ambata ya fito, ba wani ne ya ari sunan ba. Nawa na ƙarshen bai wuce ba, saboda ina turawa ta manhajar wani kamfani amma da adireshin imel na kyauta, wanda ba ni da ikon sa masa hannu. Da na sayi adireshin shago na kaina, na kwafe bayanan da manhajar ta ba ni zuwa saitin adireshin, layukan uku suka koma PASS, saƙo ya dawo akwati, da imojinsa da komai.

Tun watan Fabrairu na 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara waɗannan sharuɗɗan. Mai tura saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa Gmail dole ya cika duk ukun, ya kuma sa hanyar fita daga jeri da latsawa ɗaya. Irinmu ƙanana ma ana neman SPF ko DKIM a wurinmu. Sharaɗin da ya fi shafar imoji kuwa shi ne na ƙorafi: waɗanda ke latsa Report spam a kan saƙonka kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari, an ma fi son a zauna ƙasa da 0.1. Kashi 0.3 mutum uku ne kacal a cikin dubu. To ta wannan ƙofar imoji yake cutarwa. Ka rubuta "🔥🔥 RANGWAME!!! 💰💰" ka tura wa farfesan da ya kwana yana duba kundin ɗalibai, zai ga abin da ya yi kama da saƙon 'yan damfara ko na masu cacar ƙwallo, ya latsa Report spam bai ko duba sunanka ba. Matatar da ke ware Spam tana koyo daga yatsun mutane, kuma wasu makonni bayan haka har saƙonka mai tsabta zai fara shan wahala. Manyan baƙaƙe tun daga farko har ƙarshe ma suna da nasu laifin: SpamAssassin, wadda ma'aikatu da dama ke tace imel da ita, tana da doka ta musamman a kansu mai suna SUBJ_ALL_CAPS, tana tara maki, idan jimilla ta kai 5 a saitinta na asali sai ta yi wa saƙo tambarin Spam.

A kula, Promotions, sashen da Gmail ke ware wa saƙonnin talla, ba Spam ba ne. Sanarwar kaya talla ce, can ne mazauninta, ko da imoji ko babu.

Wani abin da ban ga ana faɗa ba shi ne imojin da ka gani a wayarka ba lallai shi ne zai isa ba. Asalin tsarin imel baƙaƙen Turanci kawai ya yarda da su a kan saƙo, don haka tun 1992 aka tsara hanyar naɗe sauran alamomi. Imojin biki 🎉 a zahiri haka yake tafiya:

```
Subject: =?UTF-8?B?8J+OiQ==?=
```

Manhajar mai karɓa ce take warware shi ta mayar da shi hoto. Idan aka tura shi ba a naɗe daidai ba, ko ya bi ta tsohuwar na'ura, sai ya fito `ðŸŽ‰`. Mu masu rubutun Hausa abin ya shafe mu sau biyu, domin ƙ da ɗ da ɓ ta wannan hanyar suke bi, kuma inda imoji ya lalace za ka ga ƙ ta koma `Æ™`. Wani dattijon malami da ke karɓar saƙona ta adireshin wata ma'aikata ya taɓa miƙo mini wayarsa a shago ya ce, "Ɗana, wannan wane yare ne ka fara da shi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, gaisuwar Sallah ce." Tunda a farkon layi na sa imojin, tarkacen ne abin da ya fara gani. Daga nan na mayar da shi ƙarshen layi, inda ko ya lalace maganar ta riga ta fita. Waya ma kalmomi biyar ko shida take nunawa kafin ta yanke kan saƙo, bai kamata hoto ya cinye gurbin farko ba.

Shekarun imoji ma suna da tasiri. 📚 da 🌙 da 🎉 sun shiga Unicode, kundin alamomin rubutu da na'urori ke bi, tun 2010, kusan kowace waya ta san su. 🫶 kuwa sai 2021 ya shigo, kuma tsohuwar Android da ba ta samu sabuntawa ba akwati fanko za ta nuna a gurbinsa. Ka tsaya bakin kasuwar Sabon Gari ka ga irin wayoyin da ke hannun mutane, za ka san ba kowa ke riƙe da ta bana ba. Akwai kuma ma'ana. Na daina sa 🙏 a gaisuwar azumi, don tafukan da aka haɗe ba su yi kama da addu'armu ba, kuma an yi mini magana a kai. 🤲 ya fi dacewa, amma shi a 2017 ya zo, don haka jinjirin wata 🌙 ya fi mini aminci.

Gurbin da ban yarda a sa imoji ba sam shi ne sunan mai turawa. Wasu suna liƙa ✅ a jikin sunan shago don ya yi kamar an tantance su. Ƙa'idojin Gmail sun hana amfani da imoji wajen kwaikwayon irin waɗannan alamomi a suna, kamar yadda suka hana fara kan saƙo da Re: alhali ba amsa ba ce.

Yanzu abin da nake yi kaɗan ne. Saƙon Sallah da na komawa zangon karatu suna samun imoji ɗaya, tsoho, a ƙarshe, saboda a cikin dogon jerin baƙin rubutu ɗigon launi yana taimaka wa wanda ya san ni ya gano ni. Rasit, da tunin bashi, da duk saƙon da zai je adireshin ma'aikata, ba na sa musu komai. Kafin kowace turawa ina aika gwaji zuwa Gmail da Yahoo da Outlook, in duba a sabuwar waya da kuma tsohuwar da yaron shago yake riƙe da ita. Idan za a ce in ba shi maki, biyu da rabi cikin biyar zan ba shi ga mai shago irina. Mai sayar da turare ko lalle ga 'yan mata yana iya samun fiye da haka, amma shi ma sai ya raba jerinsa ya gwada, ya jira tazarar ta kai talatin ɗin nan a cikin ɗari biyar, sannan ta sake fitowa a turawa ta gaba.