Hattara da masu bel ɗin miƙe ƙashin baya da hoton "kafin da bayan"

Jama'a don Allah duk mai yaro ko yarinya da ƙashin bayansu ya karkace gefe, abin da likitoci ke cewa sikoliyosis, ya karanta wannan. Akwai masu tallan bel da man shafawa da tausa, wai wata biyu sun miƙar da baya, kuma hujjarsu ɗaya ce kullum, hoton eksire guda biyu, na farko an rubuta digiri 30, na biyu digiri 19. Iyaye na gani sai su tura kuɗi. To a wajen ɗaukar hoton da awon ne ake yin damfarar.

Lambar nan sunanta kusurwar Cobb, sunan likitan ƙashi ne ɗan Amurka, John Cobb, da ya bayyana awon a 1948. Ana ɗaukar hoton ne mutum yana TSAYE, duk tsawon ƙashin bayan ya fito a fim ɗaya. Sai mai awo ya nemi ƙashin da ya fi kowanne jirkicewa a saman lanƙwasar ya ja layi a kan leɓensa na sama, ya nemi wanda ya fi jirkicewa a ƙasan lanƙwasar ya ja layi a leɓensa na ƙasa, kusurwar da ke tsakanin layukan biyu ita ce lambar. In ba ta kai digiri 10 ba ma ba a kiransa sikoliyosis.

To dalilin da ya sa ake cewa a tsaye, nauyin jiki ne ke danne lanƙwasar ta fito yadda take. Kana kwantar da yaro nauyin ya sauka, lambar ta ragu da kanta ba tare da an yi masa komai ba, musamman yara da bayansu ke da laushi. Su kuma mutanen nan sai su karɓi hoton asibiti na tsaye a matsayin "kafin", na "bayan" kuma a ɗauka a kwance, ko da bel ɗin ɗaure tamau a jiki. Wata dabarar kuma canza ƙashin da aka auna, tunda kowace gaɓar ƙashin baya da lambarta a jere daga sama zuwa ƙasa, na farko daga T6 zuwa T12, na biyu daga T7 zuwa T11, ai dole lamba ta sauka tunda an bar waɗanda suka fi jirkicewa a waje. Kuma ko da gaskiya ake awon, likita biyu kan iya saɓawa da kamar digiri 5 a hoto ɗaya, shi ya sa ba a cewa an samu canji sai bambancin ya wuce haka, saboda haka wanda ya ce maka ya sauke daga 24 zuwa 21 bai nuna maka komai ba.

Asarar kuɗin ma da sauƙi, lokacin da ake ɓata wa yaro shi ne abin takaici. Mu ce yarinya ce 'yar shekara 12, ba ta fara al'ada ba, hoton ƙugunta ya nuna alamar Risser 0, wato akwai sauran girma sosai a gabanta, awo ya ba da 30. Da a ce ƙasa da 25 ne, yawanci sa ido kawai ake yi a maimaita hoto bayan wata 4 zuwa 6. Amma 30 a wannan shekarun lokacin rigar roba mai tauri ne wadda ake aunawa daidai jikinta, ta riƙa sawa awanni masu yawa kullum har ta gama tsawo, kuma ita rigar ma ba a yi alƙawarin za ta miƙar da bayan ba, aikinta ta hana lanƙwasar ƙaruwa. Sai a nuna wa uwa 19 na ƙarya hankalinta ya kwanta ta daina zuwa asibiti, yarinya na ta tsawo lanƙwasa na ta ƙaruwa a ƙarƙashin kaya, ranar da za a koma ta kai 45 ko 50, nan kuma maganar tiyata ake fara yi, don wadda ta haura 50 takan ci gaba a hankali ko bayan an gama girma.

In aka miƙo muku irin hotunan nan ku duba kusurwar fim ɗin, galibi ana rubuta ERECT ko STANDING in a tsaye ne, SUPINE in a kwance ne. Ku tambaya da bel a jiki aka ɗauka ko an cire, ku ce a nuna muku daga wane ƙashi zuwa wane aka ja layin a duka biyun, ku duba suna da kwanan wata ma don wasu hoton mutum biyu suke haɗawa. Sannan ku kwashi fina-finan duka ku kai wa likitan ƙashi ya auna da hannunsa, kar kuma a fasa ranar komawa da ya rubuta.