Hattara da ɗan jingar banɗaki mai araha: abin da za a duba kafin a ba da kafin alƙalami

Akwai wata damfara da ake yi wa masu gyaran gida a garuruwanmu, musamman wanda ke son mayar da tsohon bayi banɗakin zamani saboda amarya ko tsofaffi. Ka kira masu aikin famfo biyu su yi maka ƙiyasi. A ce na farko ya kawo takarda mai layi ashirin, jimilla naira dubu 620. Na biyu ya rubuta layi biyu kacal, "kayan aiki" da "kuɗin aiki", naira dubu 450, ya ce, "Alhaji, ba ni dubu 300 gobe in shiga kasuwar Ƙofar Ruwa sayen kaya." Sai ya fasa daɓe, ya cire tsohon masai, iyali sun koma bayin maƙwabta, sannan ka fara jin "ai wannan ba ya cikin lissafi". A lokacin ba ka da bakin ciniki, domin da wuya wani ya karɓi aikin da aka yi wa kaca-kaca.

Kada ka kwatanta jimilla da jimilla. Sa mai layi biyun ya sake rubutawa dalla-dalla: sunan kaya, girma, adadi da farashi. Idan ya fara hanya-hanya, ka san inda aka dosa.

Yawancin cutar tana cikin abin da ake binnewa. Bututun masai inci 4 ne, na shawa da wurin wanke hannu inci 2 ko 1½, amma kowane girma akwai mai kauri akwai mai shara-shara. Maras kaurin ko da hannu ka matsa bakinsa sai ya lotsa, kuma idan ƙasa ta zauna a kansa bayan damina yakan tsage, ƙazanta ta riƙa tsiyaya ƙarƙashin gini ba ka sani ba, sai gindin bango ya fara jiƙa yana fitar da gishiri. A rubuta kamfani da kauri a takarda, ranar da kaya suka iso ka karanta rubutun jikin bututun da idonka. Idan za a sa hita, layin ruwan zafi ya zama PPR, wanda ake haɗawa da injin zafi. PVC na gam yana laushi da ruwan zafi, mahaɗarsa ta saki a cikin bango.

Sai gangara, wadda ba a sayen ta a kasuwa, haƙa ce da gumi, shi ya sa mai ha'inci ke tsallake ta. Bututun masai yana son saukar kusan santimita 2½ a kowace mita. In daga banɗaki zuwa cemba, wato ɗan ramin da ƙazanta ke bi kafin ta shiga sokawe, mita 6 ne, ƙarshensa ya fi farkonsa sauka da santimita 15. In an kwantar da shi a miƙe, ruwa ba ya samun ƙarfin tura ƙazanta, toshewa ba za ta ƙare ba. Tambayi kowannensu waye zai yi haƙar, kuma shin cemba da haɗawa zuwa sokawe suna cikin kuɗin. A tambayi bututun iska mai hawa sama da rufi, da magudanar ƙasa mai riƙe ruwa a wuyanta, don rashinsu ne ke dawo da warin sokawe cikin ɗaki.

A ƙauye ruwa daga tanki yake saukowa, ba shi da ƙarfi sosai. Wanda ya ja rabin inci tun daga tanki don rage kuɗi zai bar ka da shawa mai ɗiga. A sauko da inci ɗaya ko ¾, a rage zuwa rabin inci kusa da kan famfo, a sa makullin ruwa na banɗakin shi kaɗai.

Fasa tsohon gini, kwashe ɓaraguzai, siminti, yashi, tayil da ladan mai sa shi, da kuɗin mota daga Kano zuwa Gumel ko Gaya: su ne aka fi ɓoyewa. Idan ka tara su, sau da yawa mai arahar ya zarce ɗayan.

Biya kuwa kashi-kashi. Kuɗin kaya ka je shago da kanka ko ka tura ɗanka, domin rasit a hannun ɗan jinga ba hujja ba ce, wasu masu shago suna rubuta abin da aka ce su rubuta. Kada a rufe ko da taku ɗaya na bututu da siminti sai an gwada: a toshe bakunan, a cika tanki, a yi wa ruwan alama, a bar shi ya kwana. In ya sauka, akwai yoyo. A zuba bokiti biyu a bututun masai, wani ya tsaya a cemba ya ga ruwan ya fito da gudu. Ka ɗauki hoton layukan kafin a shafe, ka riƙe wani kaso na ladan aiki har a yi mako biyu ana amfani da banɗakin, kuma a rubuta wannan sharaɗi a takarda gaban shaidu biyu.