Na sake awon maniyyi bayan wata uku, ga abin da na gani

Shekararmu huɗu da aure babu haihuwa. Maiɗakina ta sha awo iri-iri kafin likita ya ce nima sai an duba ni, ya rubuta mini awon maniyyi, wanda ma'aikatan labo ke kira siparmogaram. Sau biyu na yi shi nan Damagaram, a wuri biyu daban. Na biyun ne ya sa ni wannan rubutu, amma sai na fara da na farko, don har yanzu raina na ɓaci in na tuna.

A watan Oktoba ne. Na biya kuɗi, aka miƙo mini ɗan gwangwanin roba aka ce in kawo gobe. Babu wanda ya tambaye ni kwana nawa rabona da iyali. Babu wanda ya gaya mini cewa farkon abin da ke fitowa shi ne ya fi ɗauke da ƙwayoyin haihuwa, kuma ni farkon nan ne ya zube, kunya ta hana ni faɗa. Na kai ƙarfe takwas na safe, mutumin ya karɓa ya ajiye a bakin taga. Na je kasuwa na dawo wajen sha ɗaya don in tambayi ranar karɓar sakamako, wallahi gwangwanina na nan inda aka ajiye shi, rana ta kai kansa. Ban san illar haka ba a lokacin. Takarda ta fito: yawan ruwan mililita 0.9, ƙwayoyi miliyan 11 a kowace mililita, masu motsi 12 cikin ɗari. Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Na riga na yanke wa kaina hukunci cewa ni ne ba na haihuwa, har na fara tunanin yadda zan sanar da iyayenta.

Likitan ne ya juya takardar gaba da baya ya ce, "Malam, ina lokacin da aka ɗauka, ina lokacin da aka duba?" Babu ko ɗaya. Ya ce motsin ƙwayoyin nan ana duba shi ne cikin awa ɗaya da fitowa, domin daga nan suke raunana, zafi kuma yana ƙarasa su. Wanda ya kwashe awa uku a rana, ko na lafiyayyen mutum ne, haka zai fito. Da ya ji kuma masassarar cizon sauro ta kwantar da ni a watan Satumba, sai ya ce in jira wata uku. Jiki yana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi, zazzaɓi mai zafi kuwa yana ɓata waɗanda ke kan hanya, shi ya sa illarsa ke bayyana bayan mutum ya warke.

A watan Janairu na je wani labo daban, jikina a sanyaye. Dattijon da ke aikin ya ja ni gefe, ya ba ni kujera, ya yi mini bayani da Hausa tsantsa. Ya ce in ƙaurace wa iyali aƙalla kwana biyu, kada ya wuce bakwai. In kwanakin sun yi kaɗan adadin ya ragu, in sun yi yawa tsofaffin ƙwayoyi marasa motsi su taru. Ya hana amfani da kwaroron roba na kasuwa saboda yana kashe ƙwayoyin, ya hana sabulu da man shafawa. Ya ce, "Ɗana, in wani abu ya zube ka gaya mini, ba abin kunya ba ne, sai mu sake wata rana." Tunda hunturu ne, ya ce in sa gwangwanin a aljihun ciki ya jingina da jikina, domin sanyi ma yana daskarar da motsinsu. Tsakanin digiri 20 da 37 ake so.

Kwana uku na yi. Na rubuta ƙarfe 7:10 a jikin gwangwanin, na hau kabu-kabu, 7:30 ina gabansa. Ya rubuta lokacin a littafi, ya tambaye ni ko duka ya shiga. Ya ce maniyyi yakan fito da kauri, sai ya tsinke da kansa cikin minti 15 zuwa 30, kafin nan ba a iya awo. Ƙarfe 7:50 ya fara, ya kuma bar ni na leƙa madubin awo mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Ban taɓa zaton zan ga abin da idona ba. Wasu na tafiya gaba sosai, wasu na kaɗa wutsiya a wuri ɗaya, wasu a tsaye cik. Ya ce masu tafiya gaban nan su ne abin nema. Ƙirgen adadi kuwa daban ake yi: a tsinka ruwan da wani magani da ke tsayar da su, a ɗiga kan gilashi mai gida-gida, a ƙirga aƙalla 200, a sake ƙirgawa karo na biyu don a ga ko lissafin ya yi daidai.

Sakamako: mililita 2.6, miliyan 24 a kowace mililita, jimilla kusan miliyan 62. Masu motsi gaba ɗaya 47 cikin ɗari, masu tafiya gaba 34. A gefe an buga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021: mililita 1.4, miliyan 16, jimilla miliyan 39, masu motsi 42, masu tafiya gaba 30. Duk na haye. Na yi hamdala a bakin ƙofa.

Amma ba zan ce komai ya yi daɗi ba. Ranar karɓar takarda dattijon ba ya nan. Yarinyar da ke kan tebur ta ɗaga murya ta kira sunana da sunan awon a gaban mutane cike da banci, ciki har da wata tsohuwa ƴar unguwarmu, sannan ta miƙo takardar a buɗe babu ambulan. Mutumin da ya ɓoye wa ƴan'uwansa ma wannan tafiya, a yi masa haka? Kuma da na ga an rubuta masu kyakkyawar siffa 5 cikin ɗari kacal, gabana ya faɗi, na tambaye ta, ta ce in je wurin likitana. Kwana biyu na yi da fargabar cewa 95 cikin ɗari nakasassu ne kafin likita ya ce ma'aunin 4 ne cikin ɗari. Ana shafa su a gilashi a rina, a duba kai da wuya da wutsiya, ko ɗan lahani kaɗan sai a cire ƙwaya daga lissafi, shi ya sa adadin ke ƙanƙanta ko ga masu ƴaƴa. Magana ce ta minti ɗaya da za a iya gaya mini tun a tebur.

Likita ya ce wannan takarda ba alƙawarin haihuwa ba ce, ina kusa da iyaka a wasu wuraren, amma ba ta nuna matsalar da ta farko ta nuna ba. Zan koma labon nan in an sake buƙata, sai dai zan tambayi ranar da dattijon ke aiki, in kuma roƙa tun wajen biyan kuɗi a rufe mini takardata cikin ambulan.