Baƙin mai da maganin gwangwani: wanne zai kare katakon rufi daga gara?

“Assalamu alaikum ƴan'uwa. Gini na a unguwar Talaje ta Yamai ya kai rufi, na sayo katako fari a kasuwar Katako. Kafinta ya ce a shafa baƙin man mota da gazuwal ya isa, maƙwabcina kuma ya ce in sayi maganin gwangwani. Wanne ya fi, kafin a buga tol?”

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa a shiga lafiya. Ni dai shawarata ka sayi maganin gwangwani, amma ka saurari dalili, domin maganin ma in an shafa shi yadda akasari ake yi, asarar kuɗi ce kawai.

Abu biyu ke cin katakon rufi, gara da ruɓa, kuma kowanne da hanyarsa. Ruɓa ba ta kama itace sai danshinsa ya haura kashi 20 cikin ɗari ya daɗe a haka. A Yamai, inda damina ba ta wuce daga Yuni zuwa Satumba, katakon da ke ƙarƙashin tol mai kyau a bushe yake kusan duk shekara. Inda yake ruɓewa sanannu ne: bakin da ya leƙo waje ruwa na dukansa, wurin da ƙusa ke yoyo, da kan da aka binne cikin bango. Gara kuwa ba ruwanta da damina ko rani. Gidanta na ƙarƙashin ƙasa, tana bin ramin bulo ko tsagar bango ta hau, ta shiga katako ta kansa, ta cinye ciki ta bar maka fatar waje lumui. Farin katakon da ka saya, wanda ake kira samba, yana cikin itatuwan da ba su da kariyar kansu ko kaɗan. Saboda haka babban abokin gabarka gara ce.

To a nan baƙin mai yake faɗuwa. Kafintanka ba ƙarya yake yi ba, man yana korar ruwa, yana rage ruɓa a bakin da ke waje, ga araha, kusan kyauta ake samunsa a gareji. Sai dai ba a haɗa shi da maganin kashe gara ba. Warinsa da maiƙonsa ne ke sa ta kauce da farko. Yana da kauri, ba ya ratsa itace, shi ya sa ake sirka shi da gazuwal. Gazuwal ɗin kuma yana tashi cikin zafin da ke taruwa ƙarƙashin tol a watan Afrilu da Mayu, katakon ya tsage don bushewa, farin cikinsa ya bayyana, gara ta samu ƙofa. Ban da haka yana naso ya ɓata silin da fenti, yana ɗauke da dattin inji mai cutarwa ga fata, kuma baƙinsa yana ɓoye maka lahanin itacen.

Maganin gwangwani, irin wanda magina ke kira zilofen, an haɗa shi ne don wannan aikin. Ka duba bayan gwangwanin ka tabbata akwai abu biyu: maganin ƙwari, galibi farmetirin ko sifarmetirin, da kuma maganin ruɓa. Ruwa-ruwa ne, yana shiga itace ya zauna bayan ya bushe, garar da ta ci sai ta mutu. Tsadarsa ce aibinsa, da kuma jabu. Kada ka karɓi wanda aka ɗura a kwalbar ruwa ba rubutu. Haka maganin feshin gona da wasu ke damawa da ruwa su yayyafa: ba don itace aka yi shi ba, kuma ba ya hana ruɓa.

Amma ko na ƙwarai ne, buroshi ba ya kai shi nesa. A gefen katako milimita ɗaya zuwa biyu yake shiga, ko ɗan abin da ya fi haka. Ta kan da aka yanka ne itace ke shan ruwa sosai, kamar karan dawa in ka tsoma bakinsa a kwano. Wannan ne ya sa tsarin aikin ya fi sunan maganin muhimmanci. Abin da ake yawan yi shi ne a shafe katako a ƙasa tun yana dogonsa, sannan kafinta ya hau sama ya yi ta yanka da zarto. Duk yankan da ya yi ya buɗe sabon kai fari tas, kuma wannan kan ne ake turawa cikin bango, daidai bakin hanyar gara.

Ga yadda za ka sa a yi. Da farko katakon ya bushe. In ka ɗaga ka ji nauyi da sanyi, ko garin zarto yana dunƙulewa a hannu, ɗanye ne, ba zai sha magani ba. A jera shi a inuwa bisa bulo, da ƴan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a ba shi ƴan makonni. Sannan kafinta ya auna, ya gama duk yanka da ƙira tun a ƙasa. Bayan haka a zuba magani a bokitin ƙarfe, a tsayar da kan kowane katako ciki kamar minti goma, a juya ɗaya kan. Sai a bi duk gefe huɗu da buroshi a jiƙe sharkaf, a bari ya shanye, a sake shafi na biyu. In za ka samu tano biyu a tsaga su a tsaye a haɗa da walda su zama kwami, jiƙa katakon gaba ɗaya ya fi buroshi nesa ba kusa ba. Duk yankan da ya zama dole a sama, yaron kafinta ya hau da ɗan gwangwani ya shafe nan take.

Lissafin ba wuya. A ce kana da katako 40, kowanne santimita 8 kan 8, tsawon mita 4. Zagayensa santimita 32 ne, wato kowanne yana da fili murabba'in mita 1.28, duka ya kama mita 51 da ɗoriya. Irin wannan magani akan ba lita ɗaya fili kamar mita 5, saboda haka lita 10 ke nan. Katakon da ba a goge ba ya fi sha, ga tsoma kawuna, don haka ka tanadi lita 13. Abin da aka rubuta a gwangwaninka shi za ka bi in ya saɓa da nawa. Idan aka ce maka lita 3 ta wadatar da wannan tarin, ka san wari kawai aka shafa.

Don ka tabbatar da aikin, ka sa a haɗa da guntu ɗaya a yi masa yadda aka yi wa sauran, ka tsaga shi a tsaye tun bai bushe ba. Za ka ga iyakar jiƙon da idonka: siririn layi a gefe, mai zurfi a kai.

In kuɗi sun gaza, kada ka sirka maganin don ya yalwata. Ka ba kawuna da duk katakon da ke taɓa bango cikakken rabonsu, su ne a gaba. Kan da zai shiga bango kuma, bayan magani ya bushe, a shafe shi da kwalta. Kafin a ɗora komai, a zare duk guntayen allon da magina suka bari jikin kankare, a kwashe tarkacen itace da kwali daga gindin gini, don su ne ke kiran gara tun farko.

A yi aikin a fili, da safar hannu da ƙyalle a hanci, ba sigari ba wuta kusa, yara da awaki su yi nisa. A ba katakon kwana biyu ya sha iska kafin a buga tol. Guntayen da suka sha magani kuma kada a bari a kai su murhu, hayaƙinsu guba ne.